Ranar da na jera ayyukan situdiyo cikin shafi ashirin

Asabar. Yau gaba ɗaya na ba da ita ga kundin ayyukan zane da zan tura tare da takardun neman digiri na biyu a fannin zanen gine-gine, kundin da muke kira fotfoliyo. Lokacin da muka shiga digiri na farko a Zariya babu wanda ya nemi irin wannan daga gare mu, domin sakamakon sakandare da makin jarrabawar shiga jami'a su ne ma'auni, amma makarantar da nake nema yanzu a ƙasar waje tana son ta ga aikin hannun mutum kafin ta yanke hukunci. Sharaɗinta a fili yake: kada kundin ya wuce shafi 20, girman takarda A3 a kwance, a fayil ɗaya na PDF. Ayyukan shekara huɗu ba za su shiga shafi 20 ba, saboda haka zaɓe ya zama dole, kuma bayan zaɓen sai jeri.

Da safe na buga kowane allon zane da nake da shi a ƙaramin girma, huɗu a takarda ɗaya, na yayyanka su na shimfiɗa a tabarma, kowane aiki da layinsa. Akwai ƙaramin gidan zama na aji biyu, da awon wani tsohon zaure da muka yi a cikin birnin Zariya, da makarantar firamare ta aji uku, da aikin gyaran wani ɓangare na kasuwa da muka yi mu biyar, da zane-zanen aiki da na yi a ofis lokacin horon sanin makamar aiki, sannan aikin kammalawa, wato ɗakin karatu na jama'a. Tambaya guda na yi wa kowane layi: mene ne wannan aikin yake nunawa game da ni wanda sauran ba su nuna ba? Da wannan tambayar gidan zaman ya fita. Zanensa tsaf yake, kuma ina ƙaunarsa domin shi ne gini na farko da na tsara daga tushe har rufi, amma duk abin da yake nunawa, wato iya tsara ɗakuna da fitar da tsabtataccen fulan, zanen da ke nuna shimfiɗar ɗakuna kamar ana kallon su daga sama, makarantar firamaren ta nuna shi fiye da haka. Idan ayyuka biyu suna ba da shaida iri ɗaya, mai raunin yana cinye shafukan da mai ƙarfin yake bukata ne kawai.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne wane aiki zai buɗe kundin. Abin da zuciya take fara kawowa shi ne a bi shekaru, daga aji biyu zuwa aji huɗu, don a ga yadda mutum ya girma. Ban yarda da wannan tsarin ba, domin yana sa aiki mafi ƙuruciya a gaban mai duba a daidai lokacin da hankalinsa ya fi kaifi, alhali yana da tarin kundaye suna jiransa, kuma ra'ayin da ya ɗauka a shafukan farko shi zai riƙa karanta sauran da shi. Zaɓi na biyu shi ne a buɗe da aikin kammalawa, tunda shi ya fi girma kuma shi yake da hotunan kwamfuta masu ɗaukar ido. Bayan azahar na ɗauki takardun na kai wa wani tsohon malamina da ya daɗe yana zama a kwamitin duba ayyukan ɗalibai, na jera masa su da ɗakin karatun a gaba.

Malam ya juya su da sauri, sannan ya dawo ya tsaya a kan zanen yankan makarantar firamaren, wanda yake nuna ginin kamar an tsaga shi daga rufi zuwa harsashi. Ya ce, “Me ya sa barandar kudu ta fi ta arewa faɗi haka?” Na ce, “Malam, lissafin rana ne ya kawo hakan.” Na yi masa bayani cewa filin yana wajen Kano, kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka a watan Disamba rana takan tsaya da tsakar rana a kusan digiri 54 da rabi ta ɓangaren kudu. Daga bakin rufi zuwa ƙasan taga akwai mita 1.8, kuma don inuwa ta rufe tagar baki ɗaya a wannan lokacin ana bukatar rufin ya fito kusan mita 1.3, shi ya sa na mayar da wajen baranda da yara za su bi. A watan Yuni kuwa rana tana komawa arewa, amma tana sama sosai, kusan digiri 78 da rabi, don haka fitowar da ba ta kai rabin mita ba ta isa. Na kuma shimfiɗa tsawon azuzuwan daga gabas zuwa yamma, domin bangayen da ke fuskantar hantsi da la'asar su zama gajeru kuma marasa taga. Malam ya ce, “To wannan shi ne aikinka na farko. A nan ne ake ganin dalilin kowane layi, ɗakin karatun kuwa sai an tambaye ka.”

Na yarda da shi, kuma na ga dalilin da kaina da na sake duba allunan. Hoton kwamfuta mai sheƙi yana nuna yadda gini zai yi kama, amma ba ya nuna yadda mai zanen ya kai ga wannan siffar, kuma makaranta tana neman wanda za ta koyar ne, don haka hanyar tunaninsa ta fi damunta. Makarantar firamaren ta samu shafi shida, kuma a cikinta ma akwai jeri. Shafin farko zai ɗauki filin da kewayensa, tare da hanyar rana da iskar hunturu daga arewa maso gabas da ta damina daga kudu maso yamma. Na biyu zai ɗauki siffofi uku da na gwada da fensir da kwali kafin na tsaya a kan ɗaya, kowace da layi guda da ke faɗin abin da ya hana ta zama. Sai fulan, sai zanen yankan a shafi guda shi kaɗai, sai haɗin rufi da bango a babban sikeli, sai hoton samfurin kwali a ƙarshe. Shafin gwaje-gwajen ba shi da kyan gani kamar sauran, amma ba zan cire shi ba ko da wuri ya ƙure.

Da aikin farko ya tabbata, sauran jerin ya zo da sauƙi, domin na gane cewa abu ɗaya ne ya ratsa yawancin ayyukana: yadda gini zai ba da inuwa da iska a ƙasa mai zafi ba tare da dogaro da na'urar sanyaya ɗaki ba. Awon zauren zai biyo baya da shafi uku, domin yana nuna inda na koyi abin. A can muka auna kaurin bangon tubali, muka zana yadda aka jera azara, wadda ba ta iya ketare fiye da kusan mita biyu ita kaɗai, da yadda magina suke ɗaura ta su yi bakan gizo don su rufe ɗaki mai faɗi, dabarar da ta kai ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Bayan zauren sai kasuwa, ita ma shafi uku, inda batun inuwar ya fita daga ɗaki ɗaya ya koma layuka da rumfuna. Zane-zanen ofis za su samu shafi biyu, ɗakin karatun ya rufe kundin da shafi biyar, tunda shi ne na biyu a ƙarfi kuma bai kamata mai duba ya rufe fayil a kan aiki mai rauni ba. Da bangon kundin da ke ɗauke da suna da jerin abubuwan ciki, lissafi ya cika 20. Zanen hannu ba zai samu ɓangare na kansa ba, zan saka kowane a cikin aikin da ya haife shi.

Ayyukan haɗin gwiwa suna bukatar kulawa ta daban. A kan kasuwar da zauren zan rubuta a sarari cewa aikin rukuni ne, da yawanmu, da abin da ni na yi da hannuna, wanda a kasuwar shi ne nazarin zirga-zirgar masu kaya da zanen yankan rumfuna. Fulan ɗin kasuwar gaba ɗaya wani abokina ne ya zana, zan saka shi ƙarami don a gane wurin, da bayanin cewa aikin rukuni ne. Malam ya ja hankalina cewa idan aka kira ni tattaunawa, kowane layi da ke cikin kundin za a iya tambayata a kansa, don haka kada in saka abin da ba zan iya kare shi ba. Zane-zanen ofis kuwa mallakin ofishin ne da mai ginin, sai na nemi izini kuma na cire sunan mai gini da adireshinsa.

Da daddare na gwada mayar da allon farko daga A1 zuwa A3, kuma a nan wata matsala ta bayyana wadda za ta shafi dukan ayyukan. Tsawo da faɗin A3 rabin na A1 ne, saboda haka fulan da aka zana a sikelin 1:100 ya koma 1:200, rubutu mai tsayin milimita 2.5 ya koma 1.25, siraran layuka kuma suka kusa ɓacewa har bangon da aka yanka ya daina bambanta da layin tayil. Allon da aka tsara don a manna a bango a kalle shi a tsaye ba ya karantuwa idan an matse shi a allon kwamfuta. Dole in warware kowane allo, in fitar da zane-zanen ɗaya bayan ɗaya, in sake kaurin layuka, in rage rubutu zuwa abin da ya zama dole, in kuma maye gurbin sikelin da aka rubuta da lamba da sandar awo da aka zana, wadda take raguwa tare da zanen ko da wane girma aka buɗe shi.

Ɗakin karatun ne zai fi cin aiki. Yana da hotunan waje da yawa, amma zanen yankansa bai nuna yadda tsakar gidan da ke tsakiyarsa take fitar da iska mai zafi ba, alhali wannan ne ya haɗa shi da sauran kundin. Zan bar hoto biyu kawai, in sake zana yankan a sikelin da zai nuna tagogin sama da kaurin bango, kuma in rubuta a ƙasansa cewa an sake zana shi bayan kammala karatu. Gobe da shi zan fara, ranar Litinin kuma in je ofishin neman izinin zane-zanen.