Lissafin ruwa da jel ga baƙon da zai yi dogon gudu a Damagaram

Mu da zama ya kawo mu Zinder daga garuruwa masu sanyi irin su Jos, abu na farko da ke rikice mana a gudu shi ne lissafin guzuri. Can gida mun saba mu ƙidaya kilomita mu ce gora ɗaya ta isa. A nan da agogo ake lissafi, domin zafi da yashin bakin titi suna rage wa mutum sauri, shi kuwa jiki gwargwadon daɗewarsa a hanya yake ƙona sukari yana zubar da gumi.

A ɗauki hanyar Mirya, kusan kilomita 18 daga gari. Mai yin kilomita ɗaya cikin minti 6 zai ce awa ɗaya da minti 48 ya isa. A watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ko da ya fita bayan sallar asuba gara ya ƙara wa kowace kilomita daƙiƙa 40. Gudun ya zama na awa 2 cif ke nan, kuma a kan awa 2 ɗin zai auna komai.

Jel, wato sukari mai kauri a 'yar leda da masu dogon gudu ke sha don samun ƙarfi, ba shi da wahalar lissafi. Gudun da bai wuce awa ɗaya ba ba ya buƙatarsa. Daga nan zuwa awa biyu da rabi, jiki na son sukari giram 30 zuwa 60 a kowace awa, jel ɗaya kuma yawanci giram 20 zuwa 25 ne. Mai zuwa Mirya sai ya sha na farko a minti na 40, na biyu a 65, na uku a 90, ya soke na huɗu a aljihu saboda tsaro. Kada a jira sai ƙafa ta yi nauyi, don sukarin kan ɗauki kamar minti 15 kafin a ji shi. Jel ɗin ba kasafai ake samunsa a garin ba. Dabino ƙanana huɗu ko biyar, a cire ƙwallon tun a gida, suna tsayawa a madadin ɗaya, ga shi nan birjik a Kasuwar Dole.

Ruwa ne ke buƙatar natsuwa, saboda gumin kowa daban. A hau sikeli ba riga kafin gudun awa ɗaya, a dawo a goge jiki a sake hawa. Kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta fita, sai a haɗa da abin da aka sha a hanya. Mai kilo 65 da ya ragu da giram 700 bayan ya sha rabin lita, guminsa lita 1.2 ne a awa, wato lita 2.4 kafin ya shiga Mirya. Ba a ce ya mayar da ita duka ba, ciki ma ba ya karɓar abin da ya wuce mililita 400 zuwa 800 a awa ana cikin gudu. Abin da ake gudu shi ne ramar ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyinsa, kilo 1.3 ke nan a wurinsa. Saboda haka mafi ƙarancin abin da zai sha lita 1.1 ne. Ya ɗauki lita ɗaya da rabi, kwatankwacin leda uku ta piya wata, ya raba gora biyu, yana kurɓa duk minti 15. A zuba gishiri rubu'in ƙaramin cokali a kowace lita, musamman ga wanda rigarsa ke yin farin zane idan ta bushe.

Sabon zuwa ya sake wannan awo bayan mako biyu. Idan jiki ya saba da zafi, gumi ƙaruwa yake yi, lissafin makon farko sai ya gaza. Lokacin hunturu ma akwai yaudara: iska na busar da gumi nan take, riga a bushe, mutum ya ɗauka bai zubar da komai ba.

Murɗawar ciki yawanci daga shan jel ba ruwa take, ko a kora shi da lemon kwalba, sukari ya yi wa hanji yawa. Kowane jel a bi shi da ruwa zalla, kurɓi huɗu ko biyar. Wanda ya ji ruwa na ƙugi a cikinsa, yatsu sun kumbura, kai na sarawa, ya sha fiye da kima ne, ya dakata. Tsigar jiki na tashi cikin zafi ko jiri kuwa alamar a tsaya ce gaba ɗaya, a nemi inuwa.

Garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ba wurin dogara da famfon hanya ba ne. A riƙe 'yan canji na sefa a leda don gumi kada ya jiƙa su, na ruwa idan an ci karo da mai tebur, da na kabu-kabu ko motar dawowa daga Mirya.