Yadda na tace silaid 212 na darasin ƙoda kafin jarrabawa

A shekarata ta biyu a jami'a, malaminmu na fiziyoloji ya ba mu silaid 212 a kan aikin ƙoda kaɗai, ga kuma wasu kwasa-kwasai huɗu suna jirana, alhali kwana tara ya rage a shiga jarrabawa. Na san ba zan iya ba kowane shafi lokaci daidai da ɗan'uwansa ba, saboda haka na zauna da yammacin wata Asabar domin in ware waɗanda za a iya ciro tambaya daga cikinsu.

Na fara da shafi na uku, wanda a da nake tsallakewa, wato inda malam ya jera manufofin darasin. Na lura cewa kalmar da ya buɗe kowace manufa da ita tana nuna zurfin da yake nema: inda ya ce a lissafa ko a kwatanta, akwai aikin da za a iya ba wa maki, inda kuwa ya ce a san da wani abu, ambato kawai yake nufi. Daga nan na ɗauko tambayoyin shekaru biyar da suka gabata, ina rubuta lambar silaid a gefen kowace tambaya. Shafukan farko na tarihi, har da wanda ya ce William Bowman ya bayyana tsarin matatar ƙoda a 1842, ba su sami lamba ko ɗaya ba. Na karanta su sau ɗaya na wuce.

Shafukan da ke maganar tace jini ne suka tara lambobi. Cewa ƙodar babban mutum tana tace kimanin mililita 125 a minti ɗaya, wato wajen lita 180 a kwana guda, ya bayyana sau uku a wurare daban-daban cikin silaid ɗin, kuma malami ba ya maimaita abu sau uku a banza. Haka ma ƙa'idar C = UV/P ta lissafin yawan ruwan jinin da ƙoda ke tsarkakewa daga wani sinadari a minti ɗaya, wadda ta zo da misali warwararre a shafin da ke biye. Na canza alƙaluman na gwada kaina: idan inyulin, sinadarin da ake auna tacewar ƙoda da shi, miligiram 60 ne a kowace mililita ta fitsari, wato U, fitsarin yana fita mililita 2 a minti, wato V, a ruwan jini kuma miligiram 1 ne a kowace mililita, wato P, to amsar, wato C, ita ce mililita 120 a minti. Duk shafin da zan iya canza masa alƙaluma in mayar da shi tambaya irin wannan, na sa masa jan biro. A ƙarshe na sami 58 masu ja.

Kuskurena ya zo ne ta wajen wani shafi da babu komai a kansa sai zanen layuka uku da gajeren take. Da yake na saba auna nauyin shafi da yawan rubutun da ke kansa, sai na ɗauke shi ado ne, ga shi kuma bai fito a tsofaffin tambayoyin ba. A zauren jarrabawa na tarar da shi a tambaya ta biyu, mai maki goma: a zana, a bayyana dalilin da ya sa sukari yake fitowa a fitsarin mai ciwon sukari. Zanen nan shi ne amsar. Farkon bututun nefuron, wato ƙaramar matatar da ke cikin ƙoda, yana mayar da dukkan sukarin da aka tace cikin jini, amma masu jigilar tasa suna da iyaka, kuma idan sukarin jini ya haura wajen miligiram 180 a kowace desilita, ragowar takan fara bin fitsari. Na san wannan sama-sama, amma ban iya zana shi ba, na kuwa ji zafin makin da ya kuɓuce mini.

Da na koma gida na buɗe littafina na lakca, sai na ga cewa a ranar da malam ya nuna wannan zane na cika shafi ɗaya da rabi da rubutu, domin ya daɗe a kansa, har ya tashi ya sake zana shi a allo. Rubutun ya yi ƙaranci a silaid ne saboda bayanin yana bakinsa. Tsofaffin tambayoyi kuma abin da aka riga aka tambaya kaɗai suke nunawa, kuma malamin da ya karɓi kwas daga hannun wani ba lalle ne ya bi sawunsa ba.

Tun daga zangon da ya biyo baya nake shiga lakca da silaid a buge, ina ɗiga alama a gefen duk shafin da malami ya wuce minti biyar a kansa, ina ƙara ta biyu idan ya ɗauki alli ko ya jefa wa aji tambaya. A darasin numfashi, shafuka goma sha ɗaya ne suka sami alama biyu, bakwai daga cikinsu kuma zane ne zalla.