Manajan da ba ya barin ka numfasa: abin da yake tsoro da yadda za ka yi da shi

Akwai manajan da in ya ba ka aiki, kafin ka zauna ya biyo ka. Ka rubuta rasit sai ya karanta, ka ƙirga katan sai ya sake ƙirgawa, ka kira kwastoma sai ya tambaye ka me ka ce, me aka ce maka. Matashin da ya fara aiki yakan ɗauka raini ne ko zargin sata. Ni ma haka na ɗauka lokacin da nake riƙe da lissafin sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, kuma wannan fahimtar ce ta jawo mini wahalar da ba dole ba.

Yawancin masu wannan hali tambayar na sama da su suke tsoro. Manajanmu yana da mai kamfani a samansa, wanda kan kira shi ba shiri ya ce: katan nawa na man girki ya rage, wa ya ɗauki kaya bashi jiya, motar da ta tafi kasuwar Singa ta dawo? In ya yi shiru ko ya ce bari ya duba, mutuncinsa ne ke zubewa. Daga baya kuma na ji daga wani tsohon direba cewa kafin zuwana an taɓa samun giɓi a sito, aka riƙa cire kuɗin daga albashin manajan har ya biya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Akwai wani dalilin da ake yawan gani: an ba mutum manaja ne saboda ya fi kowa iya aikin da hannunsa, ba wanda ya koya masa yadda ake ba wani aiki a bar shi da shi. Aikinka shi ne abin da ya fi ƙwarewa a kai, shi ya sa hannunsa ke komawa can.

Da na gaji da bin diddiginsa, sai na daina gaya masa komai sai abin da ya tambaya. A raina ina kare kaina ne. Amma duk abin da na ɓoye, ya ƙara masa rashin sani, rashin sanin kuma ya ƙara masa zirga-zirga zuwa teburina. Daga nan na faɗa mataki na biyu, wanda ya fi muni: na ce tunda shi zai duba, me zai sa in wahalar da kaina? Wata rana na rubuta takardar fitar da sukari buhu 40 alhali 14 aka yi oda, ban sake karantawa ba. Shi ya kama kuskuren kafin a yi lodi. Tun daga ranar ya samu hujjar da bai da ita a da, ni kuwa na rasa bakin cewa a sakar mini mara.

Don haka abu na farko, ƙanina ko ƙanwata, ka riga shi magana. Ka zauna ka lura da tambayoyinsa, za ka ga ba su da yawa, maimaita su yake yi. Na manajanmu uku ne: me ya shigo, me ya fita, wa ake bi bashi. Na koma tura masa saƙo ta WhatsApp sau biyu a rana, ɗaya bayan lodin safe, ɗaya kafin mu tashi. Gajere ne: kaya kaza sun shigo, kaza sun fita zuwa wurin wane, saura kaza a sito, mutum biyu ba su biya ba tukuna, ɗaya ya yi alkawarin gobe. In akwai matsala ita nake sa wa a farko, ko da laifina ne. Wannan yana da muhimmanci ƙwarai, domin in ya gano abu ɗaya da ka rufe, sauran saƙonninka duk sun tashi a banza. Kada ka tsallake rana, ko da babu wani sabon labari. Abin da ke kwantar masa da hankali shi ne ya san saƙon zai zo a lokacinsa.

Sai bayan ya saba da haka, ya ga lissafina yana dacewa da abin da ke sito, na nemi magana da shi. Lokacin da ka zaɓa yana da tasiri. Kada ka yi a gaban leburori ko kwastoma, kada ka yi a lokacin da ya tsaya a kanka ranka a ɓace. Na same shi bayan la'asar, ofis ba kowa. Ban ce masa ya takura mini ba, domin da zarar ka faɗi haka ya koma kare kansa. Na ce: "Yallaɓai, ina so in rage maka aiki. Wanne ne kake so in yi in sanar da kai daga baya, wanne ne ba zan taɓa ba sai da izininka?" Ya yi shiru, sannan ya ce duk abin da ya shafi bashi da rage farashi sai ya sani. Na ce to kayan da aka biya kuɗinsu a take fa? Muka tsaya a kan cewa odar da ba ta wuce naira 200,000 ba, in an biya, zan fitar in sa a saƙon yamma. Na maimaita masa abin da muka yi a rubuce, don kada gobe a samu saɓani.

Iyakar ta yi ƙanƙanta, na sani, kuma a lokacin raina ya so fiye da haka. Amma ƙaramin abin da aka ba ka ka riƙe shi da kyau ya fi babban da za a ƙwace bayan kuskure ɗaya. Da aka jima shi da kansa ya ɗaga adadin.

A tsakiyar aiki kuma, in ya zo ya tsaya a kanka yana gyara abin da ba ya bukatar gyara, ka bambance abu biyu. In salo ne kawai, kamar yadda yake so a jera rasitai, ka yi masa yadda yake so, ba abin da ka rasa. In kuwa gyaran nasa zai jinkirta aiki, ka faɗi abin da zai biyo baya cikin ladabi ka bar masa zaɓi: "Yallaɓai, in muka sake ƙirga lodin nan motar ba za ta fita kafin azahar ba, a ƙirga ko ta tafi?" Hukuncin ya koma hannunsa, jinkirin ma haka. Kuma ka guji kai ƙorafinsa wurin abokan aiki. Maganar ofis ba ta kwana, za ta isa kunnensa da ƙari.

Wannan hanyar ba ta yi wa kowane manaja magani. Ka duba ko kowa yake yi wa haka ko kai kaɗai. In kai kaɗai ne, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai abin da ya gani a aikinka, ka kuma saurari amsar ko da ta yi ɗaci. In ka yi watanni kana ba da rahoto, lissafinka ba giɓi, amma ko ɗan sassauci babu, ko abin ya koma zagi da tozartawa a gaban mutane, to ya wuce tsoro. A nan ka adana saƙonninka da kwanan watansu, ka kai magana ga sashen kula da ma'aikata in kamfanin yana da shi, ko ga wani babba da shi manajan yake jin nauyinsa, sannan ka fara neman wani wurin tun kana karɓar albashin wannan.