Hoto ya fito lafiya, mara tana cin wuta

Shekaru na yi ina fama da ciwon mara mai sa ni amai, wani lokaci har in kasa miƙewa. Duk sanda aka ɗauki hoton cikina, amsa ɗaya ce: "Malama, mahaifarki lafiya lau." Sai a ce ciwon sanyi ne, a rubuto maganin kashe ƙwayoyin cuta. A gida kuma a ce in yi haƙuri, kowace mace haka take ji.

Ashe endometiriyosis ne, wato nama irin na shimfiɗar cikin mahaifa ya tsiro a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana samun kusan kashi 10 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa.

Likitar da ta gano nawa ce ta fahimtar da ni dalilin da hoto yake kuskure shi. Idan cutar ta yi ƙullutu mai tsohon jini a ma'ajiyar ƙwai, na'ura tana ganinsa. Nawa kuwa irin na sama-sama ne, 'yan ɗige-ɗige masu faɗin 'yan milimita, manne a tantanin da ya lulluɓe cikin mara. Ba su da kaurin da za su fito a hoto, ko na MRI, wato babbar na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, yakan wuce su. Amma duk wata suna kumbura tare da al'ada, kuma akwai ƙananan jijiyoyi a kusa da su da ke kai saƙon zafi. Idan abin ya daɗe, jijiyoyin kan zama masu saurin tunzura, sai ciwo ya fara zuwa ko ba lokacin jini ba. Shi ya sa girman cutar ba ya nuna tsananin zafinta. Wata tana da babban ƙullutu ba ta jin komai, wata ɗigo kaɗan ya kwantar da ita.

Abin da ya juya maganata shi ne littafin da na riƙa rubuta ranakun ciwo. Da likitar ta buɗe, sai ga shi a fili: zafin bahaya kamar yankan reza yana zuwa ne daidai da jini, ya lafa bayansa. Ta kuma tambaye ni ko ina jin zafi can ciki yayin saduwa, tambayar da ba wanda ya taɓa yi mini, ni ma kunya ba ta bar ni na faɗa ba. A ganina nan ne shekaru suke salwanta, domin alamomin suna kama da ciwon hanji ko na mafitsara, kowane likita ya duba ɓangarensa kawai.

Ba ta jira tiyata ba, ta fara ba ni maganin rage zafi da ƙwayoyin da ke danne al'ada. Da sauƙin bai kai ba, aka yi mini aikin da ake zura ƙaramar kyamara ta cibiya. Nan aka ga ɗige-ɗigen a bayan mahaifa, aka yanke su, gwajin naman ya tabbatar. Ciwon ya ragu sosai, amma an gaya mini yana iya dawowa, don haka har yanzu ina kan magani.