Jadawalin da na rubuta cikin sanyi ya ci ni cikin zafi

Ni tela ne, shagona na nan Damagaram kusa da Kasuwar Dole, kuma a 2024 ne na ɗaura niyyar zana bak, jarrabawar gama sakandare, daga gida, tunda na bar lakwal shekaru da yawa ban ƙarasa ba. To ga shago, ga kur ɗin da na shiga ran Asabar da Lahadi, ga karatun zaure wajen Malam tsakanin Magariba da Lisha, ga uwargida da yara uku, ga Inna a Birni wadda in na kwana huɗu ban leƙa ba sai ta aiko a tambaya ko lafiya. Sai na sayi kaye sabo na ja layi na yi jadawalin sati, kowace awa da abin da zan yi cikinta, har na manna kwafi ɗaya a bangon shago saman keke.

A watan Janairu na rubuta shi, kuma daga nan ne matsalar ta faro, amma ban gane ba sai da ta ci mini jika saba'in.

Abin da na rubuta shi ne karatun bak daga ƙarfe 9 na dare zuwa 12, kullum, sannan barci, sannan tashi Asuba. A Janairu a Damagaram alfijir ba ya ketowa sai wajen 5 da rabi ko ma ya ɗan gota, ga sanyi ga bargo, kana kwanciya barci ya ɗauke ka, to ina samun awa biyar da rabi masu kyau kuma jikina yana ɗauka. Ni a raina na gama gano dabara. Ban yi tunanin cewa 12 ɗin da na rubuta a takarda tana nan inda take ba ta motsi, ita kuwa Asuba tafiya take yi. Daga Janairu zuwa ƙarshen Mayu tana dawowa baya kamar awa guda cur, har ka ji ladan tun biyar saura, Magariba kuma ta yi gaba daga wajen 6 da kwata zuwa bakwai saura, ta tura Lisha gaba da ita. Wato daren da kansa yake tsukewa ta kai da ta ƙafa. Cikin sanyi tsakanin Lisha da Asuba akwai kusan awa goma, cikin Mayu da Yuni takwas da rabi ne, ni kuma ina nan ina cusa kaya iri ɗaya cikin buhun da ya ragu.

Azumi ya zo ya wuce, wannan na san dama jadawali ba ya aiki cikinsa musamman ga tela, ban damu ba. Bayan ƙaramar Sallah ne na koma kan takardata da ƙarfi wai zan rama abin da ya wuce. Lokacin kuma zafi ya kankama, wanda ya san Afrilu da Mayu a garin nan ya sani, ɗaki ba ya shiguwa sai dare ya raba, in kuran ya tafi sai tsakar gida kan tabarma kana juyi. Sai in rufe kaye 12, barci bai zo ba sai 1, biyar saura ina tsaye. Awa huɗu ma ba ta cika ba. Kuma in wani abu ya ci mini karatun jiya, ko suna ko gaisuwar rasuwa ko neman ruwa, tunda wani lokacin sai tsakar dare pampo ke kawowa a tashi a tara bido, sai in ce yau zan ƙara awa ɗaya in biya. Daga ina nake ɗauko awar? Daga barci. Kullum daga barci, don shi kaɗai ne ba ya zuwa ƙofar shago ya yi mini magana.

Alamu sun yi ta zuwa ina turewa. In karanta layi ɗaya na filo, wato falsafa, sau uku ban san me ya ce ba. In zauna tahiya a sallar Azahar sai dai in ji liman ya yi sallama. Shayi da nake sha kofi ɗaya ya koma uku. Ƙaramar ɗiyata ta zo tana nuna mini allonta na daka mata tsawa ba gaira ba dalili, uwarta ta dube ni ta ce, "Maigida, wannan karatun in shi zai mayar da kai haka, anya?" Na ce mata saura wata biyu ne ta yi haƙuri.

Ana saura kamar sati uku Layya wani Alhaji, tsohon mai kawo mini ɗinki, ya kawo shadda mita biyar mai ruwan toka, shi da ɗansa kowa da tasa, awonsu a shafi ɗaya na littafin awo, na uban a sama na ɗan a ƙasa. Bayan La'asar ne, na shimfiɗa shaddar Alhaji a tebur, na ɗauki alli na duba littafi, idona ya sauka a layin ƙasa. Tsawon rigar Alhaji santimita 112 ne, na yaron 96. Na zana 96, na sa almakashi, har yanzu ina jin ƙarar yadda yake cin shaddar nan, ƙaras ƙaras, sai da na gama gaba da baya na ɗaga ina karkaɗewa sannan yaron shagona ya ce, "Maigida, wannan ba ta Alhaji ba ce?" Wallahi sai da na zauna. In ka yanka da tsawo ana ragewa, in ka yanka gajere babu abin da zai mayar, kuma shadda ba a yi mata ƙari a ɓoye, duk inda ka haɗa sai ya nuna. Shekara goma sha ina yanka ban taɓa yin irin wannan ba.

Na je har gida na same shi na faɗa masa gaskiya. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan, cewa kawai ya yi Allah ya kiyaye gaba. Na nemo irinta na biya jika saba'in, kuɗin da na ware don cikon ragon Layya, har yau in na tuna sai in ji wani abu ya tokare ni a ƙirji, don ba rashin iya aiki ba ne, takardar da na rubuta da hannuna ce ta kai ni.

Daren nan ban buɗe kaye ba, na kwanta bayan Lisha. Da safe na cire takardar bango na sake wata, amma wannan karon ban fara da ƙarfe nawa ba. Layukan gefe sunayen salloli na sa: bayan Asuba, hantsi zuwa Azahar, Azahar zuwa La'asar, La'asar zuwa Magariba, Magariba zuwa Lisha, bayan Lisha. In salla ta motsa, komai ya motsa tare da ita ba sai na sake lissafi ba. Abu ɗaya tak nake dubawa a agogo, shi ne lokacin kwanciya, shi ma daga Asuba nake ƙirgo shi baya. Ina son awa shida da rabi, to in Asuba biyar saura kwata ce, 10 da kwata ina kwance, in ta koma 5 da rabi ina da har 11. Ran Juma'ar farko ta kowane wata nake duba wannan in gyara, tunda a wata ɗaya tana iya gusawa minti goma ko ashirin.

Karatun bak na ɗauke shi daga dare na kai shi bayan Asuba. Ina dawowa daga masallaci in yi azkar, sai in zauna a zaure awa ɗaya da rabi kafin yara su fara hayaniyar shirin lakwal. A takarda kamar na yi asara, da awa 21 nake rubutawa a sati, yanzu kwana shida awa 9 ne, in an haɗa da kur su kai 14. Amma waccan 21 ɗin ƙarya ce, rabinta gyangyaɗi ne kan littafi. Lissafi da nake kwana ina kokawa da shi, da sanyin safiya sai in ga yana shiga. Abin da ke son kai sosai shi nake sa wa safiya, haddar tarihi da jogarafi kuwa ƴan katuttuka na yi ina dubawa a shago in ana jiran kuran.

A shago kuma na kafa doka, ba a yanka bayan Azahar. Duk yanka da safe ne, ni da kaina, kuma sai na karanta awon da ƙarfi yaro ya maimaita kafin almakashi ya taɓa yadi, kowane mutum kuma da shafinsa ko da uba da ɗa ne. Yamma ta ɗinki ce da maɓalli da guga, abin da in an kuskure ana farkewa. Tsakanin Azahar da La'asar in na ci abinci ina ja ƙofa in miƙe a tabarma minti arba'in, ƙailula ke nan, da can ina ganin ɓata lokaci ce ga mai Sallah a gabansa. Kar dai ta zarce awa, in ta zarce sai in tashi da nauyin kai kuma daren ya ƙi zuwa da wuri.

Bayan Lisha na gida ne, ba kaye ba salula. Fada ce ta sha wuya a nan, abokai sun yi ta tsiya wai na zama ango, na bar musu daren Asabar kawai kuma kofin farko nake sha in tashi, don shayin dare shi ma ɓarawon barci ne. Alhamis ranar kasuwa ce, mutanen ƙauye na shigowa da ɗinki har yamma, to ban sa mata komai ba bayan shago, ko zauren Malam na nemi uzuri ranar. Juma'a in an sauko masallaci ban komawa shago, Birni nake wucewa wajen Inna da yaran in zauna har La'asar.

Sai wani gurbi da na bari fari fat, yammacin Lahadi da yammacin Laraba, ban rubuta komai ba. A garin nan ba a sati ba suna ko ɗaurin aure ko rasuwa, kuma jana'iza ba ta tambayar jadawalinka. Abin da ya ci wani wuri, nan nake mayar da shi. In gurbin ya cika kuma akwai sauran bashi, na yafe shi, ba na bin sa cikin dare ko da saura kwana uku jarrabawa. Wannan ita ce dokar da ta fi yi mini wuya, har yanzu wani dare sai hannuna ya kai kan kaye in tuna shaddar nan in janye.

Bak ɗin na samu, a zagaye na biyu, alhamdu lillahi. Rago kuwa ƙarami muka yanka a shekarar. Shaddar da na ɓata tana nan, na ɗinke ta a awon 96 ɗin na rataye a shago ko wani zai saya, ba a saya ba, ƙanena ne ya zo ya gwada ta yi masa daidai ya tafi da ita, ya ce zai kawo kuɗin bayan kaka.