Abin da na koya kafin in bar wajen ogana

Satin nan na ajiye aiki a wajen oga, kuma duk wanda ke aikin famfo ya san irin abin da ke sa yaro ya tattara sifanarsa ya ƙara gaba. Wani gidan sama muka yi wa banɗakuna, ba a daɗe da tarewa ba maigidan ya kira, wai in an rufe famfo sai bango ya ce gum kamar an doka guduma, in an yi fulashin kuma sinki ya kama ƙugi.

Oga ko hawa saman bai yi ba ya ce ni ne ban sa gam da kyau ba, a fasa tayil a cire kuɗin a albashina. Wallahi har yau abin na min ciwo. Da gam ne ai yoyo za a gani, bangon nan kuwa a bushe yake ƙayau.

Na ɗaura geji mai auna ƙarfin ruwa a layin, sai na ga busta, wato injin da ke ƙara wa ruwa ƙarfi, na tura ruwa sama da ba 5 a awon gejin, ga kan famfon irin na zamani ne da ake rufewa da murɗa ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa, yana cikin gudu a fayif mai rabin inci ka datse shi lokaci guda, dole ƙarfin ya koma baya ya girgiza fayif ɗin, namu kuma a cikin silin yake kwance ba kilif ko ɗaya don oga ya ce ɓarnar kuɗi ne. Na sauke busta zuwa ba 3, na kafe fayif da kilif musamman wajen elbo inda fayif ke shan kwana, na tayar da guntun fayif mai toshiya daf da famfon yadda iskar ciki za ta shanye bugun. Shiru. Amma ku sani a hankali guntun nan ruwa yake cika, in bugu ya dawo a rufe tanki a buɗe famfuna duka su tsiyaye, sannan a sake buɗe tankin.

Ƙugin sinki kuwa rashin fayif ɗin iska ne, shi ma oga ya hana a sa wai zai ɓata fuskar gini. Ruwan masai in ya gangara yana jan iska a bayansa, in bai samu hanya ba sai ya zuƙo ta sinki, ya kwashe ɗan ruwan da ke zama a lanƙwasar ƙasan sinkin, wanda shi ne ke tare warin sokawe. Shi ya sa matar gidan take ta kunna turaren wuta a banza. Na fitar da fayif mai inci 2 har ya wuce rufi.

In sinki ɗaya ne ke ƙugi kuma ruwansa na tafiya a hankali, toshewa ce, kwance lanƙwasar ka cire gashi da sabulu. In duk gidan ne, leƙa sokawe tukuna.

Tayil ko ɗaya ba a fasa ba, maigida ya yi wa oga godiya a gabana, kuɗin da aka yanke min kuma har na tafi ba a dawo da shi ba.