Kwana 60 a kan miliyan biyu

A shekarata ta biyu ina koyon dillancin gidaje a hannun kawuna a Sakkwato, wani ciniki ya faɗo mini wanda har yau nake auna sauran da shi. Gida ne a Arkilla, mai ɗauke da takardar mallaka ta gwamnati. Mai gidan, wani dattijo, ya sa naira miliyan 32, ya ce sai bayan kwana 90 zai miƙa makulli. Mai saye, wani ɗan kasuwa da hayarsa ta kusa ƙarewa a Mabera, ya taya miliyan 28, da sharaɗin a gama komai cikin kwana 30.

Da na kai tayin, dattijon ya yi shiru yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Yaro, kwana 30 na yarda. Amma albarka. Shi cika miliyan 30."

Ni kuwa kunnena "na yarda" kawai ya riƙe. Na bugo wa mai saye waya ina murna, na ce an kusa sallamawa, ɗan ciko ya rage. Da kawu ya ji, sai ya zaunar da ni. Ya ce dattijon bai karɓi rabin tayinmu ba, ya ture shi ne gaba ɗaya ya kawo nasa. Tayin miliyan 28 ya mutu tun lokacin da aka ce albarka. Yanzu mai gida ne ke tayi, mu ke da amsa, kuma kafin mu amsa yana iya janyewa ko ya sayar wa wani. Shi ma mai saye babu abin da ya ɗaure shi.

Sai ya tambaye ni abin da ban taɓa tunani ba: miliyan biyun nan kuɗin mene ne? Gidan bai ƙara ɗaki ba. Kwana 60 ake sayar mana, don haka sai a yi musu kuɗi. Muka ɗauki biro. Idan mai saye bai tashi a kan lokaci ba, mai gidan hayarsa ba ya karɓar kuɗin wata biyu, sai na shekara, naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Iyakar asarar da gaggawar za ta kare masa ke nan. Idan ya biya miliyan biyu don ya tsere wa miliyan ɗaya da 'yan kai, an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Na ji nauyi a raina, domin la'adarmu kaso ce daga farashi, kuma na san abin da ya sa ƙarin bai dame ni ba.

Abu na biyu ya fi wannan girma: shin kwanakin nan a hannun dattijon suke? Muka koma gidan da la'asar. A sashen baya muka tarar da igiyar shanya cike da kayan makarantar yara. Ɗan haya ne na shekara, saura masa wata huɗu, kuma ba wanda ya ba shi takardar tashi. Mai hayar shekara ba a tashinsa da baki cikin wata guda. Ga kuma izinin gwamna, wanda sashe na 22 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya wajabta kafin a mayar da irin wannan mallaka ga wani. Takardun ta ma'aikatar filaye suke bi, mai gida ba shi da ikon cewa ga ranar da za su fito. Dattijon ba yaudara ya nufa ba. Shi a wurinsa kammala ciniki shi ne ranar da kuɗi suka shiga asusunsa, mai saye kuma ranar da iyalinsa suka kwana a ciki yake nufi.

Amsar da muka mayar ita ma sabon tayi ce, a rubuce. Farashi miliyan 29. Kafin alƙalami miliyan uku bayan lauya ya binciki takardar a ma'aikata ya tabbatar babu jingina a kanta. Miliyan 25 ranar da aka sa hannu a gaban shaidu, aka miƙa asalin takardu da makullin babban sashe, cikin kwana 30. Miliyan ɗayan ƙarshe ta zauna a hannun lauya har ɗan haya ya tashi da yardarsa, mai gida ya mayar masa da ragowar kuɗinsa. Neman izinin gwamna aka rubuta shi daban, tare da alkawarin dattijon zai sa hannu a duk takardar da aka buƙata.

Ya kwana biyu yana shawara da 'ya'yansa kafin ya ce ya sallama. Mai saye ya tare a rana ta 28. Ɗan hayar bai samu wani gida ba sai bayan mako bakwai, ranar ne lauya ya saki miliyan ɗayan.